Lambobin Da Ke Jikin Buhun Takin Zamani Da Yadda Ƙaramin Manomi Zai Yi Aiki Da Su



Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a ga manoma sun yi dafifi a rumfunan masu sayar da taki. Mutum zai ɗaga buhu ya ji nauyinsa, ya tsoma hannu ya murza ƙwayar, ya tambayi kuɗi, ya yi ciniki har muryarsa ta dushe. Amma ba safai akan ga wanda ya tsaya ya karanta lambobin nan uku da aka buga da manyan baƙaƙe a jikin buhun ba, alhali kuwa su ne kaɗai ke faɗin abin da zai biya kuɗinsa a kai. Buhu biyu na iya zama nauyi ɗaya, launi ɗaya, kuɗi ɗaya, amma abincin shuka da ke cikin guda ya ninka na ɗayan. Wanda bai san wannan ba yakan koma gida da murnar ya yi araha, sai kaka ta zo ta nuna masa abin da ya saya.

Abin da lambobin ke faɗi

A jikin buhun da manoma ke kira kamfa akan ga haruffa uku, NPK, sa'an nan lambobi uku a jere, kamar 15-15-15 ko 20-10-10. Haruffan sunayen abinci uku ne da shuka ta fi bukata daga ƙasa. Na farko, watau N, shi ne naitirojin, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi tsawo. Na biyu, watau P, shi ne fosfaras, wanda ke kafa saiwa tun shuka na ƙarama, ya kuma taimaka wajen fure da cikar ƙwaya. Na uku, watau K, shi ne fotash, wanda ke ƙarfafa kara, ya sa shuka ta jure ƙishirwa da cuta, ya kuma cika rogo da doya da dankali a ƙarƙashin ƙasa. Wannan jeri ba ya canzawa a kowane buhu, ko daga wace ƙasa ya fito: lambar farko ta naitirojin ce, ta tsakiya ta fosfaras, ta ƙarshe ta fotash.

Kowace lamba kuwa kashi ne cikin ɗari na nauyin takin. Idan an rubuta 15-15-15, ma'anarsa ita ce cikin kowane kilo 100 na wannan taki akwai kilo 15 na naitirojin, da 15 na fosfaras, da 15 na fotash. To, da yake buhun da aka saba sayarwa a Nijeriya kilo 50 ne, lissafin ya zo da sauƙi ƙwarai: a raba kowace lamba biyu, abin da ya fito shi ne yawan kilo na wannan abinci a buhu guda. Buhun 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7 da rabi na kowane ɗaya. Buhun 20-10-10 yana ɗauke da kilo 10 na naitirojin, da kilo 5 na fosfaras, da kilo 5 na fotash. Yaron da ke aji huɗu na firamare zai iya yi wa mahaifinsa wannan lissafi a bakin rumfa, kuma babu laifi a tafi da shi kasuwar don haka.

Inda aka ga sifiri, babu wannan abinci a cikin buhun ko kaɗan. Yuriya, farin takin nan mai ƙwaya kamar ƙanƙara, lambarsa 46-0-0. Naitirojin ne zalla, kilo 23 a buhu, fiye da abin da ke cikin buhu uku na 15-15-15, amma ba shi da fosfaras ko fotash. Supa, mai launin toka, lambar tsakiya kaɗai gare shi, yawanci tsakanin 16 da 20, sai dai yana tafe da farar wuta da sinadarin alli, waɗanda gyaɗa ke so matuƙa. Wannan shi ne takin da masana'antar da aka buɗe a Kaduna cikin 1976 ta riƙa yi. Manomin da ya zuba wa gyaɗa ko wake ko waken soya yuriya mai yawa zai sami ganye lif-lif, harawa ta yi kyau, amma 'ya'ya kaɗan, domin waɗannan shuke-shuke suna samo yawancin naitirojin ɗinsu daga iska ta hanyar ƙulli-ƙullin da ke saiwarsu. Abin da suka rasa a ƙasa fosfaras ne, watau supa.

Akwai wata tambaya da kan taso duk inda aka yi wannan bayani. Mai hankali yakan ce: 15 sau uku 45 ne, ina sauran 55 ɗin, ko ƙasa ce aka cika buhu da ita? Tambayar tana kan hanya, amma ba ha'inci ba ne. Abincin shuka ba ya zama shi kaɗai a buhu, sai a haɗe da wasu sinadarai da ke riƙe da shi, kamar yadda ba a sayen man gyaɗa a jikin gyaɗa ba tare da ƙuli ba. Wani kashi kuma garin farar ƙasa ne ko makamancinsa da masu haɗa takin ke ƙarawa don lissafin ya daidaita. Ga masu karatu da suka ga an rubuta P2O5 da K2O da ƙananan baƙaƙe a ƙasan lambobin, wannan shi ne ma'aunin da duniya ta saba auna fosfaras da fotash da shi. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ita ma da wannan ma'auni ake ba da ita, saboda haka manomi ba ya bukatar juya komai.

Gonar masara mai rabin hekta

Bayani ba ya zama a kai sai an ɗora shi a kan gona. A ɗauka ga wani manomi a ƙasar Zazzau, yana da gonar masara mai tsawon mita 100 da faɗin mita 50, watau rabin hekta, ko eka ɗaya da ɗan ɗori. Shawarar da aka daɗe ana ba masu noman masara ingantacciya a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin, da 60 na fosfaras, da 60 na fotash a kowace hekta. Gonarsa rabi ce, don haka bukatarta 60, da 30, da 30.

Daga fosfaras da fotash ake fara lissafi, domin su ne ba a samu a yuriya. Yana neman kilo 30 na kowannensu, buhun 15-15-15 kuwa yana ba da 7 da rabi, ashe buhu huɗu ke nan. Waɗannan buhuna huɗu sun kuma kawo kilo 30 na naitirojin, saura 30. Buhun yuriya guda yana ba da 23, don haka buhu ɗaya da sulusi ya cike gurbin. Jimla buhu biyar da sulusi. Da 20-10-10 ya saya, sai ya nemi buhu shida kafin ya kai 60, da 30, da 30.

A nan ne mai sayarwa kan ce wa manomi ya ɗauki mai 20, ai ya fi mai 15 ƙarfi. Ido yakan tsaya a kan lambar farko, tun da ita ce babba. Amma in an tara lambobin, mai 20-10-10 yana da 40, mai 15-15-15 yana da 45. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, naitirojin ya fi araha a buhun yuriya, kuma yuriya a ƙasar nan ake yin sa, a Eleme ta Jihar Ribas da kuma Lekki ta Jihar Legas, inda aka buɗe babbar masana'anta cikin 2022. Abin da manomi ke bin kamfa dominsa shi ne lambobi biyu na ƙarshe. Saboda haka in kuɗin buhunan biyu ya yi kusa da juna, kuma mutum zai sayi yuriya ko ta yaya, mai 15-15-15 ya fi riba. Mai 20-10-10, wanda ya yawaita a kasuwa tun bayan yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016 don haɗa taki a cikin gida, taki ne mai kyau, kuma in ya fi araha sosai lissafin na iya juyawa. Hanyar gane gaskiya ɗaya ce: a raba kuɗin buhu da yawan kilo na abincin da ake nema a cikinsa, a gwada da na ɗaya buhun.

To, amma manomin nan ba shi da kuɗin buhu biyar. Abin da ya tara bayan ya sayar da akuya bai wuce na buhu uku ba, kuma haka yawancin ƙananan manoma suke. Me zai saya? In ya kwashi yuriya uku, tun da shi ne mai babbar lamba, masara za ta yi kore da tsawo na ɗan lokaci, amma saiwa ba ta kafu ba, iska ta kwantar da kara, goyo ya fito da giɓi. In ya kwashi kamfa uku, zai sami kilo 22 da rabi na kowane abinci, masara ta tashi da kyau, sa'an nan ta yi rawaya daidai lokacin da za ta fid da kai, domin naitirojin ya ƙare. Zaɓin da ya fi shi ne kamfa biyu da yuriya guda. Wannan zai ba shi kilo 38 na naitirojin, da 15 na fosfaras, da 15 na fotash. Bai kai cikakkiyar shawara ba, ya ɗan haura rabinta kawai, amma babu abincin da aka bari fayau. Ragowar kuwa a bayan gidansa take.

Abin da takin gargajiya ke iyawa, da abin da ba ya iyawa

Tun kafin buhun farko ya sauka a ƙasar nan, manoman kewayen Kano sun shekara aru-aru suna noma gona guda kowace damina ba hutu, da ƙarfin takin da jakuna ke kwasowa a mangala daga birni da turakun gida. A wasu wurare kuma manomi kan roƙi makiyaya su sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar masa kashi. Ba wanda zai koya wa Bahaushe amfanin taki. Abin da ya rage shi ne a san nauyinsa a ma'auni ɗaya da na buhu.

Juji ba shi da lamba a jikinsa, kuma ƙarfinsa ya danganta da irin dabbar, da abin da ta ci, da yadda aka ajiye takin. Amma da za a buga wa busasshen kashin shanu mai kyau lamba, ta farko ba za ta wuce 1 da kaɗan ba, sau da yawa ma ba ta kai ba. Kashin awaki da tumaki ya ɗan fi haka. Kashin kaji ya fi su duka, yakan kai 2 ko 3. Ma'anar wannan ita ce, kafin a tara naitirojin da ke cikin buhun yuriya guda, sai an kwashe kashin shanu fiye da tan biyu, watau fiye da buhu 40 masu kilo 50. Har wa yau, wannan naitirojin ba ya fitowa gaba ɗaya. Sai takin ya ruɓe a hankali, a daminar farko shuka ba ta samun fiye da sulusi zuwa rabinsa, sauran sai baɗi da baɗin baɗaɗa. Wanda ya ce zai noma masara mai yawa a hekta guda da takin akuya biyar kaɗai, lissafi bai goyi bayansa ba.

Amma fa akwai aikin da takin gargajiya ke yi wanda babu buhun da zai yi shi. Yawancin ƙasar noma ta Arewa jigawa ce ko mai yashi-yashi, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta kaɗan ne. Irin wannan ƙasa kamar rariya take: in an zuba yuriya aka yi ruwa mai ƙarfi, sai ya zurare ƙasa inda saiwa ba ta kai ba. Takin gargajiya shi ne ke toshe rariyar. Yana sa ƙasa ta riƙe danshi, ta riƙe abincin da aka saya da kuɗi har shuka ta ci, yana sassauta ƙasa mai tauri, yana kuma kawo ƙananan abinci irin su farar wuta da zin, waɗanda kamfa na yau da kullum ba ya ɗauke da su. Yana da fotash mai dama, wanda shuka ke samu tun daminar farko.

An gwada wannan a fili, kuma an daɗe ana gwadawa. A Samaru ta Zariya, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona take, an keɓe wasu filaye tun 1950, ana zuba wa waɗansu kashin shanu kaɗai, waɗansu takin zamani kaɗai, waɗansu duka biyu, waɗansu kuma ba komai, shekara bayan shekara. Abin da ya bayyana shi ne, filayen da aka daɗe ana zuba musu takin naitirojin zalla, musamman irin wanda manoma suka sani da salfa, ƙasarsu ta yi tsami, amfaninsu ya riƙa ja da baya. Filayen da aka haɗa musu kashin shanu da takin zamani su ne suka riƙe ƙarfinsu. Wannan shi ne asalin maganar da dattawa kan yi cewa takin zamani yana kashe gona. Rabin gaskiya suka faɗa. Abin da ke kashe gona shi ne a riƙa kwashe hatsi da kara da harawa duk shekara, a mayar mata da farin taki kaɗai. Manoman Kudu, inda ruwa ya fi yawa kuma ƙasa da ma tana da tsami, su suka fi kowa bukatar kiyaye wannan.

A koma ga manomin nan na Zazzau. A ce yana da awaki da tumaki a turke, da ɗan kashin kaji, da sharar gida, abin da ya tara tun kaka ya kai buhu 40, kimanin tan biyu. In ya zuba shi a rabin hektar nan, fotash da ke ciki zai cike yawancin giɓin kilo 15 da ya rage, fosfaras ya ƙaru da wani abu, naitirojin ma ya ƙaru da 'yan kilo a daminar farko. Ga shi kuma buhun yuriyarsa guda zai zauna a inda saiwa take. Da buhu uku da jujin bayan gida ya matso kusa da abin da mai buhu biyar ya samu.

Sai dai akwai jarrabar da ke jiransa. Yana da wata gonar a daji, ita ma rabin hekta, zuciya za ta ce masa ya raba takin biyu don kowace ta ɗanɗana. Ga masara wannan kuskure ne, domin ita shuka ce mai ci, in an ba ta rabin ƙoshi ba ta biyan wahalar noma da shuka da ciyawa. Gara ya tattara takin a gona guda, ɗayar ya shuka mata wake ko gyaɗa ko waken soya, baɗi ya juya, masarar ta gaji abin da suka bari a ƙasa.

Wace gona ke son wanne

Ba kowace gona ke son abu ɗaya ba, ko da na mutum guda ne. Gonar bayan gida, wadda ta shekara tana shan shara da toka da kashin dabbobi, tana da fosfaras da fotash a ajiye. Zuba mata kamfa mai yawa kamar kai wa mai rijiya ruwa ne, yuriya kaɗan ya ishe ta. Gonar da ta gaji sarai kuwa, wadda ƙasarta ta yi fari, ƙuduji ya mamaye ta, aka zuba mata kamfa bara ba a ga bambanci ba, ita ce ya kamata a kai wa takin gargajiya tukuna. Sa mata takin kuɗi kafin ta farfaɗo asara ce. Gonar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce ta fi biyan kuɗin buhu.

Shukar ma tana faɗin abin da ta rasa, ga mai duba ganye. In ganyen ƙasa na masara ya fara rawaya daga tsini, rawayar ta bi jijiyar tsakiya tana shiga ciki, naitirojin ne babu, kuma in an yi hanzari yuriya zai gyara. In ƙaramar shuka ta tsugune, ganyenta ya yi shuɗi-shuɗi mai ja kamar an shafa masa shuni, fosfaras ne, wannan kuwa gyaransa a daminar yana da wuya, darasi ne na baɗi. In gefen ganyen ƙasa ne ya ƙone kamar an gifta shi a wuta alhali tsakiyarsa kore ne, fotash ne. Amma in sabon ganyen sama ne ya yi rawaya, na ƙasa na nan kore, to, ba yuriya ake nema ba, galibi farar wuta ce ta yi ƙaranci, sai a nemi malamin gona kafin a ƙara kashe kuɗi. A lura kuma, gonar da ruwa ya kwanta a cikinta ita ma takan yi rawaya ko da taki ya wadata.

Zubawa

Taki mai kyau yakan lalace a hannun mai zubawa. Takin gargajiya a kai shi gona da rani, a baza shi dab da faɗuwar damina, a rufe shi da huɗa. Tsibin da aka bari watanni rana na dukansa, iska na kaɗa shi, ƙarfinsa tashi yake yi. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona tsiro, kuma ɗanyen kashin shanu yana tafe da irin ciyawa. Wanda ya ruɓe sosai ana gane shi: ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, ba ya wari, in an tsoma hannu cikin tsibin ba a jin zafi. Toka tana da fotash, amma kada a gauraya ta da yuriya ko kashin kaji, domin tana kore naitirojin ya bi iska. A zuba ta dabam.

Kamfa na farkon damina ne, daga ranar shuka zuwa mako biyu bayanta, domin fosfaras ba ya tafiya a cikin ƙasa, kuma ƙaramar saiwa ce ta fi bukatarsa. Wanda ya jira har masara ta kai gwiwa ya makara. In manomin nan ya yi kunya da tazarar santimita 75, ya yi rami kowane santimita 50 da tsiro biyu, rabin hektarsa tana da ramuka kimanin 13,300. Kilo 100 na kamfa in an raba musu, kowane rami ya sami giram 7 da rabi, watau murfin kwalbar lemo cike da tozo. A soka tsinke nesa da gindi kamar faɗin yatsu huɗu, zurfin ɗan yatsa, a zuba, a rufe. In ya taɓa tsiron zai ƙone shi.

Yuriya kuma sai masara ta yi mako huɗu zuwa shida, lokacin da ta kai gwiwa kuma an yi noma, don kada ciyawa ta cinye. Buhu guda a ramuka 13,300 bai kai giram 4 kowane rami ba, murfi guda shafe, ba tozo. Da yake murafu sun bambanta, dabara ita ce a raba buhun kashi huɗu, gonar ma kashi huɗu, in kashin farko ya ƙare kafin a kai iyakarsa sai a rage hannu. Lalle ne a binne yuriya a ƙasa mai danshi. Wanda aka watsa a kan busasshiyar ƙasa cikin rana yakan juye ya zama iska mai warin fitsari, kashi mai yawa na kuɗin ya tashi sama manomi yana kallo. Haka kuma ba a zuba shi ana ganin hadari mai ƙarfi ya taso, ko a gonar da ruwa ke gudu.

Saura maganar jabu, domin lambar da ke jikin buhu ba ta da amfani in abin da ke ciki wani ne dabam. Tun 2019 akwai dokar tarayya ta kula da ingancin taki, wadda ta wajabta wa masu yi da masu sayarwa yin rajista, ta kuma haramta gurɓata taki da rage nauyin buhu. Manomi ya duba ko buhun yana da sunan masana'anta da adireshinta da nauyinsa, ya duba ɗinkin baki ko na inji ne guda ɗaya ko an farke an sake, ya sa a ɗora shi a sikeli, ya karɓi rasit. Yuriya yana da gwaji mai sauƙi: a zuba cokali guda a kofin ruwa a motsa, na gaske zai narke sarai, kofin ya yi sanyi a hannu, in an ga yashi ko gari ya kwanta a ƙasa an yi masa haɗi. Wannan gwaji bai shafi kamfa da supa ba, domin su ko na gaske ne sukan bar laka. Kamfa da aka haɗa a cikin gida sau da yawa ƙwayoyinsa launi-launi ne, fari da ja da toka-toka, kowane launi abincinsa dabam, kuma wannan ba aibi ba ne. Sai dai jijjigar mota takan sa ƙananan ƙwayoyi su gangara gindin buhu, manya su taru a sama, har wani layin masara ya sami fotash zalla, wani ya sami yuriya zalla. Don haka kafin a fita gona a juye buhun a kan tabarma ko leda a inuwa, a gauraya shi sosai da hannu, sa'an nan a ɗiba. Wanda kuma ya sayi na mudu a buɗaɗɗen buhu, ya nemi a nuna masa buhun da aka ɗebo shi, ya karanta lambar da idonsa kafin a auna masa.